Buhu 240 da rahoto ya ce ba su motsa ba: nazarin lissafin canjin wata a wani shagon kayan gona

Wurin da tsarin aikinsa

Shagon yana Funtuwa, a jihar Katsina, kuma kayan noma yake sayarwa: takin NPK, takin yuriya, irin masara, maganin ciyawa, maganin ƙwari, injin feshi da sauransu, kaya iri 14 gaba ɗaya. Bayan babban shagon akwai rassa biyu a ƙauyuka, ana kiransu reshe na biyu da reshe na uku, tun da babban shagon ne na farko. Mai shagon dattijo ne da ya daɗe a harkar, ba ya taɓa kwamfuta, amma yana karanta lamba da kyau. Ɗan ƙanwarsa, wanda ya gama difloma, shi ke riƙe masa lissafi a Excel.

A watan Janairu yaron ya tsara shafin rahoto. Kowane kaya a kowane shago yana da layinsa, wato kaya 14 sau shago uku, layi 42. Jerin B na ɗauke da yawan abin da aka sayar a watan jiya, jerin C na wannan watan, jerin D kuma canjin da aka samu, kashi nawa cikin ɗari. Jimillar wata da hannu yake shigar da ita daga littattafan da rassa ke aikowa. Fomular jerin D ita ce wadda kowa ya sani:

```
=(C2-B2)/B2
```

Idan an sayar da buhu 300 a watan jiya, wannan watan kuma 420, bambancin 120 ne, a raba shi da 300 ya ba da 0.4, wato ƙarin kashi 40 cikin ɗari. A ƙasan shafin ya sa matsakaicin jerin D da `AVERAGE`. Duk farkon wata sai ya jera layukan daga mafi tashi zuwa mafi faɗuwa, ya ɗauki hoton sunan kaya da jerin D kawai, ya tura wa kawunsa a waya. Da wannan hoton dattijon ke yanke abin da zai saro da inda zai kai shi. Kayan da ke sama a ƙaro su, na ƙasa a dakata, na tsakiya a bar su yadda suke.

Fabrairu zuwa Afrilu: alamar farko

Tun rahoton farko wasu akwatuna a jerin D suka nuna `#DIV/0!`. Kayan damina ne irin su irin masara, waɗanda ba wanda ke nema da rani a reshen da babu fadama kusa da shi. Watan jiya sifili, wannan watan ma sifili. Yaron ya riƙa goge su da hannu kafin ya ɗauki hoto, sannan ya mayar da fomular a wata mai zuwa. Tun da kayan ba sa motsi, babu wanda gogewar ta cutar.

Dalilin saƙon kuwa yana cikin lissafin kansa. Rabawa tambaya ce: wace lamba za a ninka da ta ƙasa a samu ta sama? A 120 raba 300 amsar 0.4 ce, domin 300 sau 0.4 ya ba da 120. Idan ta ƙasa sifili ce, duk lambar da aka ninka da ita sifili za ta bayar, don haka babu amsar da za ta kai ga 120. Excel kuma yana ɗaukar akwatin da ba a rubuta komai a ciki ba a matsayin sifili idan ya shiga lissafi, shi ya sa akwati fanko da akwati mai 0 duk saƙo ɗaya suke jawowa.

Farkon Yuni: rahoton Mayu ya lalace

Da ruwa ya sauka ciniki ya buɗe. A rahoton Mayu layi 11 cikin 42 suka nuna `#DIV/0!`, kuma a wannan karon akwai manyan kaya a cikinsu. Irin masara a babban shago ya tashi daga 0 a Afrilu zuwa fakiti 180. Maganin ciyawa a reshe na biyu ya tashi daga 0 zuwa katan 95. Matsakaicin da ke ƙasan shafi shi ma ya koma `#DIV/0!`, domin kuskure ɗaya a cikin jeri ya isa ya ɓata `AVERAGE` ko `SUM` da ke karanta jerin.

A wannan watan ne kuma littafin reshe na uku bai zo ba. Mai kula da reshen ya kwanta rashin lafiya, wanda ya riƙe masa ya rubuta ciniki a warwatsattun takardu. Yaron ya bar akwatunan Mayu na reshen fanko. Duk kayan reshen da aka sayar a Afrilu sai suka nuna faɗuwar kashi 100, ba tare da wani saƙon kuskure ba, tun da fanko a cire lambar Afrilu a raba da ita lissafi ne da yake fita. Da shi da kawun duk sun san littafin bai zo ba, sai suka tsallake waɗannan layukan.

Gwaji na farko: sa 1 a madadin sifili

Wani abokinsa ya ba shi shawarar ya rubuta 1 duk inda Afrilu ke da 0. Saƙon kuskure ya ɓace nan take. Irin masara ya nuna ƙarin kashi 17,900, domin 179 raba 1 ya ba da 179. Maganin ciyawa ya nuna 9,400. Matsakaicin shafin ya haura ɗaruruwa. Ban da haka, lissafin Afrilu ya daina dacewa da littafi, tun da an ƙara kaya 11 da ba a sayar ba.

Da dattijon ya ga hoton ya kira shi. "Kai yaro, wannan dubu goma sha bakwai ta mece ce?" Yaron ya ce, "Kawu, sifili ne a watan jiya, shi ne na sa ɗaya don lissafin ya fita." Dattijon ya ce, "Da ka sa biyu fa?" Da biyu aka sa, amsar 8,900 za ta zama, kusan rabin ta farko. Lambar da ke fitowa ta dogara ne ga abin da aka zaɓa aka cusa, ba ta da alaƙa da ciniki. Ya mayar da sifilan a ranar.

Ya kuma yi tunanin rubuta kashi 100 a irin waɗannan layuka, ya fasa da kansa. Kashi 100 na nufin ciniki ya ninka sau biyu, kuma da hakan kayan da ya tashi daga 0 zuwa 3 zai yi daidai da wanda ya tashi daga 0 zuwa 180.

Gwaji na biyu: rufe kuskuren da sifili

Mako na biyu na Yuni ya koma ga abin da aka fi koyarwa:

```
=IFERROR((C2-B2)/B2,0)
```

`IFERROR` ya shigo ne tun Excel 2007, kuma aikinsa shi ne: idan lissafin ciki ya ba da kuskure kowane iri, a nuna abin da aka rubuta bayan waƙafi. Shafin ya yi tsaf. Babu sauran saƙon kuskure, matsakaici ya dawo, gogewa da hannu ta ƙare. Da wannan fomular aka fitar da rahoton Yuni a ranar 3 ga Yuli.

A cikin rahoton akwai layin takin yuriya na reshe na biyu. A Mayu reshen bai sayar da ko buhu ɗaya ba, domin lokacin manoma NPK suke saye don shuka. A Yuni ya sayar da buhu 240. Jerin D ya nuna 0.0%. Da aka jera layukan, yuriyar ta faɗa tsakiya cikin kayan da ba su motsa ba, kuma hoton da aka tura ba ya ɗauke da jerin B da C. Dattijon ya saro NPK da maganin ciyawa, waɗanda ke sama, ya bar yuriyar reshe na biyu.

Tsakiyar Yuli: sakamakon

Yuli lokacin taki na biyu ne ga masara, kuma yuriya ake zubawa. Ranar 14 ga wata mai kula da reshe na biyu ya bugo waya ya ce buhu 12 suka rage. Kafin mota ta kawo wani kayan reshen ya yi kwana shida babu yuriya, manoman da suka saba saye a wurin suka wuce wasu shaguna. Dattijon ya buɗe hoton 3 ga wata ya nuna wa yaron layin. "Kai ka ce mini ba ta motsa ba." Yaron ya buɗe kwamfuta, ga 0 a jerin B, ga 240 a jerin C.

Ƙarshen Yuli: binciken layi bayan layi

Ya kwafi rahoton Yuni a wani shafi, ya cire `IFERROR`, ya bi duk layin da ya nuna 0.0%. Layi 21 ne, rabin shafin. Ya rarraba su bisa abin da ke cikin jerin B da C.

Layi 14 na reshe na uku ne, inda akwatunan Mayu suke fanko har lokacin. A nan ba a san ko ciniki ya tashi ko ya faɗi ba, amma rahoton ya ce bai canja ba. Layi uku kaya ne da suka tashi daga sifili na gaskiya zuwa wata lamba, yuriyar tana cikinsu. Layi biyu sifili ne a duka watannin. Layi ɗaya kuwa sabon abu ya fito da shi: a akwatin NPK na babban shago an rubuta "45 buhu" maimakon 45. Excel ya ɗauke shi rubutu, lissafin ya ba da `#VALUE!`, `IFERROR` kuma ya haɗiye shi ya nuna sifili kamar sauran. Layi ɗaya tak ne ciniki bai canja ba da gaske, injin feshi, shida a Mayu shida a Yuni.

Wato lambar 0.0% tana tsaye ne a madadin abubuwa biyar daban: babu bayani, sabon tashi, babu ciniki sam, kuskuren rubutu, da rashin canji na ainihi. Kowannensu kuma mataki daban yake nema. Na farko a nemo littafi, na biyu a ƙaro kaya, na huɗu a gyara akwati.

Matsakaicin ƙasan shafi ma ya samu rauni, ko da yake bai nuna ba. `AVERAGE` yana tsallake akwati fanko da rubutu, amma yana ƙirga sifili. A ɗauki layi biyar: uku sun tashi da kashi 20 da 10 da 30, biyu kuma sifilin `IFERROR` ne. Matsakaicin ukun 20 ne. Da sifilan biyu sai ya zama 60 raba 5, wato 12. A shafin shagon sifili 20 ne irin waɗannan a cikin layi 42.

Agusta: fomular da ta tsaya

Gyaran ya fara ne daga ƙa'idar shigar da lamba, kafin a taɓa fomula. Idan littafi ya zo kuma ba a sayar da kayan ba, a rubuta 0. Idan littafi bai zo ba, a bar akwatin fanko. An kuma sa wa jerin B da C `Data Validation` don su ƙi karɓar komai sai lamba. Sannan jerin D ya koma haka:

```
=IF(COUNT(B2,C2)<2,"babu bayani",
 IF(B2=0,IF(C2=0,"ba ciniki","sabon tashi"),
 (C2-B2)/B2))
```

Fomular tana yin tambayoyi ne a jere, kuma yadda tambayoyin suka jeru yana da muhimmanci. Ta farko: akwai lamba a duka akwatunan biyu? `COUNT` lambobi kawai yake ƙirgawa, yana ƙirga 0 amma ba ya ƙirga fanko ko rubutu. Idan ƙirgar ba ta kai biyu ba, sai a rubuta "babu bayani". Wannan ya magance faɗuwar kashi 100 ta ƙarya da aka gani a rahoton Mayu, tun da yana duba wannan watan kamar yadda yake duba na jiya. Dole wannan tambayar ta zo kafin `B2=0`, domin a Excel akwati fanko ma yana amsa e ga `B2=0`, kuma da an fara da ita reshen da littafinsa bai zo ba zai fito a matsayin sabon tashi. Tambaya ta biyu ita ce ko watan jiya sifili ne na gaskiya. Sai an wuce waɗannan ake rabawa, a lokacin da aka tabbata akwai abin rabawa da shi.

An samu wata fa'ida da ba a shirya ba. Idan aka jera daga babba zuwa ƙarami, Excel yana sa rubutu sama da lambobi. Layukan "sabon tashi" sai suka riƙa fitowa a kan gaba, inda dattijon ke fara dubawa.

An ƙara jerin E mai nuna bambanci a ƙirge, buhu ko katan ko fakiti:

```
=IF(COUNT(B2,C2)<2,"",C2-B2)
```

Wannan jerin ba ya rabawa, don haka sifilin watan jiya ba ya hana shi aiki. Yuriyar Yuni a nan 240 za ta nuna. Yana kuma gyara wata matsala da ke maƙwabtaka da sifili, wato ƙaramar lamba a ƙasa. Kayan da ya tashi daga 2 zuwa 40 yana nuna kashi 1,900, wanda ya tashi daga 300 zuwa 420 yana nuna 40 kacal, alhali na farko 38 ya ƙaru, na biyu 120. Daga Agusta hoton da ake turawa ya ƙunshi jerin B zuwa E gaba ɗaya.

Matsakaicin ƙasan shafi an cire shi. A madadinsa ana tara kuɗin cinikin wata da na watan jiya, daga shagunan da littafinsu ya zo a duka watannin biyu, sannan a fitar da canjin daga jimillar. An zaɓi kuɗi ne saboda ba a haɗa buhu da katan a tara.

Satumba da Oktoba: wurare biyu da ya sake ɓullowa

A Satumba yaron ya fara shigar da cinikin kullum a shafi daban mai suna `Rana`, ya sa `SUMIFS` ya riƙa tara jimillar wata da kansa. Da ya gwada da reshen da bai riga ya shigar da littafinsa ba, duk layukan reshen suka nuna faɗuwar kashi 100, kamar a rahoton Mayu. `SUMIFS` yana ba da 0 idan bai samu layin da ya dace ba, don haka bambancin fanko da sifili ya sake gogewa tun kafin lambar ta iso jerin D. Ya kama shi kafin a tura rahoto, ya sa ƙirga a gaba:

```
=IF(COUNTIFS(Rana!A:A,$G2,Rana!B:B,C$1)=0,"",
 SUMIFS(Rana!D:D,Rana!A:A,$G2,Rana!B:B,C$1,Rana!C:C,$A2))
```

A shafin `Rana` jerin A reshe ne, B wata, C kaya, D yawa. A shafin rahoto `G2` sunan reshe ne, `C1` wata, `A2` sunan kaya. Ƙirgar farko ba ta duba kaya, reshe da wata kawai take dubawa. Idan reshen ba shi da ko layi ɗaya a watan, littafinsa ne bai shigo ba, akwatin ya zama fanko a ido, `COUNT` kuma ba zai ƙirga shi ba. Idan yana da layuka amma babu wannan kayan a ciki, sifilin na gaskiya ne.

Na biyu ya fito a rahoton Satumba, farkon Oktoba. A Agusta wasu masu saro kaɗan-kaɗan sun mayar da irin masara da ba su sayar ba, har mayarwar ta fi ciniki, jimillar ta zama -20. A Satumba an sayar da 10. Lissafin ya zama 30 raba -20, wato -150%, yana nuna faɗuwa alhali ciniki tashi ya yi. An ƙara tambaya ɗaya bayan ta `COUNT`: idan B ko C ya gaza sifili, a rubuta "a duba". Daga baya aka ware kayan mayarwa a jerinsu daban.

Hukunci

Daga Agusta zuwa Disamba ba a sake samun kayan da ya ƙare a reshe saboda rahoto ya ɓoye tashinsa ba. Wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin rabin wannan lokacin ciniki sauka yake yi, kuma jarrabawar gaske sai farkon damina mai zuwa. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne, da aka sake gudanar da rahoton Yuni da sabuwar fomular, yuriyar reshe na biyu ta fito a sama da "sabon tashi" da 240 a gefenta, layukan reshe na uku 14 kuma suka nuna "babu bayani".

A ganina gwaji na biyu ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Kashi 17,900 lamba ce da ko wanda bai san Excel ba zai tsaya a kanta, kuma dattijon ya tsaya. Amma 0.0% tana kama da gaskiya, ta zauna cikin lambobi na gaskiya, mai karatu ba shi da hanyar gane ta. Ban ga laifin `IFERROR` a kan kansa ba, yana da wurin amfani. Da `""` aka sa a madadin 0, da matsakaici bai lalace ba, da yuriyar ma ba ta fito da siffar kayan da bai motsa ba. Sai dai ko a haka littafin da bai zo ba da "45 buhu" da sabon tashi duk za su zama akwati fanko iri ɗaya, kuma faɗuwar kashi 100 ta ƙarya za ta wuce, tun da ita ba kuskure ba ce a wurin Excel.

Na kuma ɗora rabin alhakin a kan hoton da ake turawa. Kashi cikin ɗari ba tare da lambobin da aka fitar da shi daga gare su ba yana ɓatar da mai karatu ko da babu sifili a ko'ina, kuma da jerin B da C suna cikin hoton 3 ga Yuli, da wuya dattijon da ya san lokacin taki na biyu ya wuce 240 bai gani ba.

Akwai iyakar da fomular ba ta tsallake ba. A kayan da ke bin damina, kwatanta wata da watan jiya zai ci gaba da ba da "sabon tashi" kowace Mayu da Yuni, da babbar faɗuwa bayan an gama zuba taki, ko shekarar ta yi kyau ko ba ta yi ba. Tambayar da dattijon ke buƙatar amsarta ita ce ko Yunin bana ya fi Yunin bara, kuma wannan yana buƙatar lissafin shekara guda cikakke. Yaron ya riga ya ware jerin F domin haka, da fomula iri ɗaya da ta jerin D, sai dai tana duba wata 12 baya. Takardun Mayu na reshe na uku da aka tattaro a ƙarshen Yuli ba su cika ba, na kwana tara sun ɓace, don haka aka yanke a bar watan fanko, kuma layukan reshen 14 za su nuna "babu bayani" a jerin F idan Mayu ta zagayo.